Imel ga babba a wurin aiki: ina ladabi ya tsaya, ina fadanci ya fara?

Sani_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin gobe da safe. Ina aiki a wata ƙungiyar manoma a nan Garwa, ni nake tattara rasit na takin zamani da muke kai wa ƙauyuka. Shugaban sashenmu dattijo ne, sa'an mahaifina, kuma shi ya rubuta rahoton da za a tura Yawunde ranar Juma'a. A jadawalinsa ya sa an kai buhu 240 Pitowa, rasit ɗin da ke hannuna kuwa 204 ne. Yana Marwa wajen taro har Alhamis da yamma, ya ce duk abin da ya taso a bar masa ta imel. Da Faransanci zan aika, amma ga ma'anar abin da na tsara:

"Ranka ya daɗe, shugabanmu kuma ubanmu, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya tare da iyali. Da farko ina neman gafara da na dame ku alhali na san yawan aikin da ke kanku. Kowa ya san ba a taɓa yin gwani irinku a wannan ƙungiya ba, mu kuwa ɗalibanku ne har abada. Ni ba kowa ba ne da zan sa baki a aikinku, kuma na tabbata ni ne ban gane ba, amma kamar na ga wani ɗan abu a jadawali. In kun sami sarari wata rana ko za ku taimaka ku duba? Ku yafe mini in na yi kuskure. Ɗanku mai biyayya."

Na karanta wa maiɗakina ta ce wannan roƙo ne, ba saƙon aiki ba. Ni kuma ina tsoron in na rage shi dattijon ya ce yaron nan ba shi da kunya. Me zan cire, me zan bari?

Ummu_Hafsat:
Wa alaikumus salam. Gaskiyar maiɗakinka ce. Na karanta sau biyu ban ga inda ka ce 240 ko 204 ba. Mu ka gaya mana, shi ba ka gaya masa ba.

DanKusiri:
Cire komai malam. Ni da Turawa na yi aiki a wata ƙungiyar agaji, ba ruwansu da gaisuwa. Layi biyu: lambar Pitowa ba daidai ba ce, 204 ne ba 240 ba, a gyara kafin Juma'a. Shi ke nan. Aiki aiki ne.

Malam_Akanta:
Sani, bari in ɗan tsawaita, don irin wannan saƙon na sha rubuta shi kuma na sha karɓarsa.

Ummu Hafsat ta taɓo babban ciwon. Ka yi jimla bakwai, kuma a cikinsu babu wadda mutumin zai yi aiki da ita. "Wani ɗan abu a jadawali", wane jadawali, wane layi? "Wata rana", alhali rahoto Juma'a zai tafi? Mutum yana zaune a taro, ya leƙa waya ya ga wannan, zai ce a ransa Sani na gaishe ni, in na dawo ma yi magana. Rahoto ya tafi da 240. Ranar da masu binciken lissafi suka zo suka tambayi ina buhu 36, wa ke riƙe da rasit? Kai. Kuma saƙon da za ka nuna don kare kanka, a cikinsa da hannunka ka rubuta cewa ka tabbata kai ne ba ka gane ba.

Ga yadda nake tantance jimla. Ka ɗauke ta ka tambayi kanka: zan iya aika wannan ga kowane babba, a kowace rana, ba tare da na canja komai ba? In eh ne, kuma ba gaisuwa ba ce, to fadanci ne. "Ba a taɓa yin gwani irinku ba" ta dace da kowa, don haka ba ta gaya masa komai sai cewa kana neman wani abu ko kana jin tsoro. Amma in ka ce "na gode da kuka nuna mini yadda ake jera rasit bisa kwanan wata, da shi na yi wannan dubawar", wannan godiya ce a kan abin da ya faru, shi ma ya san ya faru. Ita kam girmamawa ce. In bai nuna maka ba, kada ka ƙirƙira.

Sannan ka lura da lambobin. 240 a cire 204 saura 36, kuma 36 na rabuwa da 9 ba saura. Duk mai aikin lissafi ya san in lambobi biyu suka yi musanyar wuri wajen bugawa, bambancin kullum yana rabuwa da 9. A nan 4 da 0 ne suka juya. Wannan ba hujja ba ce tabbatacciya, amma ta ba ka hanyar faɗin gaskiya ba tare da ka taɓa mutuncinsa ba: da alama hannu ne ya juya lambobin wajen bugawa. Ba ka ce bai iya lissafi ba, ba ka kuma ɗora wa kanka laifin da ba naka ba.

Bappa_Ngaundere:
Ɗana DanKusiri, wannan shawarar taka za ta iya jawo wa yaron nan matsala. Rabinta daidai ne, wato a kawo lamba a fili. Amma "a gyara kafin Juma'a" umarni ne, kuma ƙarami ba ya ba babba umarni a ƙasar nan, ko da Faransanci ko da Fulatanci ko da Hausa. Turawan ma da kake faɗa, na ga saƙonninsu, suna buɗewa da gaisuwa suna rufewa da godiya, gajeru ne kawai.

Ni yanzu ina cikin waɗanda ake rubuto wa, akwai matasa a ƙarƙashina. In gaya muku abin da nake ji in na buɗe saƙo irin na Sani? Gabana faɗuwa yake yi. Da na ga "ubanmu" da neman gafara tun a layin farko, sai in ce ko dai bashi za a nema, ko an lalata wani abu. Ina ta sauka ina neman inda maganar take. In na iske ashe lamba ɗaya ce, sai in ji ba daɗi, don na gane yaron yana ganina a matsayin mutumin da ba a iya gaya wa gaskiya sai an lallashe shi. Wannan ba girmamawa ba ce a wurina.

Zara_Njamena:
Bappa ya faɗi abin da ban taɓa tunani ba, cewa yawan lallashi ma wani irin zargi ne.

Habu_Figil:
Ni dai shawarata ka bari sai ranar da yake cikin nishaɗi. Lokacin da na nemi ƙarin albashi sai da na jira bayan Sallah, na fara da yaba masa, na ambaci shekarun da na yi, kuma Alhamdu lillahi an ƙara mini. Babba sai da yabo. Kada ka ji maganar masu cewa ka cire.

Ummu_Hafsat:
Habu, ba ƙarin albashi yake nema ba. Koma ka karanta daga sama. Rahoto ne zai tafi Juma'a da lambar da ba daidai ba, babu jiran bayan Sallah a nan.

Habu_Figil:
To, na gani. Amma duk da haka ni ban ga laifin "ubanmu" ba. In sa'an babanka ne, uba ne.

Sani_Garwa:
Na gode ƙwarai. Malam Akanta, maganar 9 ɗin nan ta sauƙaƙa mini, don abin da ya fi damuna shi ne yadda zan ce an yi kuskure ba tare da na ce shi ya yi ba. Habu, a baki Baba nake ce masa in muka haɗu a masallaci ko wajen suna. A ofis kowa Shef yake ce masa. To a imel wanne zan ɗauka? Kuma akwai jimlar nan da aka koya mana tun makaranta, "J'ai l'honneur de venir très respectueusement auprès de votre haute bienveillance", da ita na so in buɗe.

Malam_Akanta:
Ajiye ta. Wannan jimlar ta takardar neman abu ce daga hukuma, irin wadda ake rubutawa da hannu a manna mata kan sarki a kai ofishin gwamna ko ma'aikata. Mai rubuta ta baƙo ne da ke neman alfarma daga wanda bai san shi ba. Kai kuma abokin aikinsa ne, kuma ba alfarma kake nema ba, aikinka kake yi. Ka buɗe da "Bonjour Monsieur" haɗe da muƙaminsa, ka rufe da "Respectueusement". Masu rufewa da "haute considération" su bar wa minista da jakada.

Game da Baba: imel na aiki ba naku ku biyu kaɗai ba ne. Gobe zai iya tura shi Yawunde kamar yadda yake don ya bayyana dalilin canjin lamba. Ka rubuta abin da ba zai ji nauyin turawa ba. Baba ka bar shi a masallaci, a can wurinsa yake.

Zara_Njamena:
Mu a ofishinmu "Cordialement" kowa yake sawa har ga darakta, ba wanda ya taɓa ɗaukar sa raini. Ina ganin abin ya danganta da gida. Sani ya duba tsofaffin saƙonnin da sauran ma'aikata suka aika wa mutumin, da yadda shi yake rufe nasa, sai ya hau mataki ɗaya sama da nasa. In shi yana rufewa da "Cordialement", kai ka sa "Respectueusement". Mataki ɗaya, ba hawa uku ba.

Kuma tunda ana maganar, mu mata abin ya fi mana wuya. In mace ta cika yabon namiji babba a rubuce, akwai masu karanta shi da wata fassara, in ta gajarta kuma a ce tana da girman kai. Shi ya sa ni na tsayar wa kaina tsari ɗaya ga kowa: gaisuwa layi ɗaya, magana, godiya layi ɗaya. Duk wanda ya ga saƙona ga darakta ya ga saƙona ga mai gadin sito, sai dai muƙami ya bambanta da kalmar rufewa.

Hajiya_Marwa:
Zara, Allah ya yi miki albarka, haka nake gaya wa 'ya'yana mata. Sai dai ni ban yarda a taƙaita gaisuwa har ta bushe ba. Mutumin nan yana tafiya, yana garinmu cikin wannan zafi. "Ina fata taron Marwa na tafiya lafiya" ba fadanci ba ne, ya nuna ka san inda yake da abin da yake ciki. Wannan ya fi "ƙoshin lafiya tare da iyali" da ake manna wa kowane saƙo.

AbuYasir:
Ta fuskar addini ma a kiyaye. An yi mana umarni da girmama manya, amma an hana wuce gona da iri wajen yabon mutum a gabansa, har hadisi ya zo daga Miƙdad cewa a watsa wa masu yawan yabo ƙasa a fuska. Kuma cewa "na tabbata ni ne ban gane ba" alhali rasit na hannunka ka gane sarai, wannan faɗin abin da ba haka yake a zuciya ba ne. Tawali'u ba ya buƙatar ƙarya.

DanKusiri:
To Bappa na ji, a yi gaisuwa. Amma ni a ganina Sani ya sa babban darakta a Cc, wato shi ma ya sami kwafin saƙon. Magana ce ta buhu 36, ba wasa ba. In dattijon ya share saƙon fa? Ka kare kanka tukuna.

Zara_Njamena:
A'a DanKusiri, wannan kam kada ya yi. Na ga an yi haka a wani wuri da na taɓa aiki. Wani matashi ya ga kuskure a takardar shugabarsa, ya rubuta mata saƙo mai ladabi sosai, amma ya sa na sama da ita a Cc. Ba ta ko kula da ladabin ba, abin da ta gani shi ne an kai ƙararta kafin a tambaye ta. Kuskuren an gyara shi a minti biyar, zaman nasu kuwa bai sake daɗi ba har ya bar wurin. Duk taushin kalmominka, in ka sa wani babba a Cc a saƙon farko, ka riga ka canja sautin saƙon. Imel ɗin da ka aika masa shi kaɗai ma shaida ne, yana nan da rana da lokaci.

DanKusiri:
In bai amsa ba har Juma'a fa?

Bappa_Ngaundere:
Sai ya kira shi Alhamis da yamma in ya sauka. Ai ba daji ya shiga ba. Ni ma da a ce yana gari, da cewa zan yi kada a rubuta komai tukuna. Ka shiga ofishinsa, ka gaishe shi, ka ajiye rasit a gabansa ka ce Shef ku duba mini wannan. Da idonsa zai gani, ya gyara, ba wanda ya ji. Dattijo ya fi son ya gano da kansa.

Malam_Akanta:
Bappa, a nan kam mun ɗan saba. Ko yana gari ni zan so a rubuta, ko da bayan an yi maganar baki ne, layi biyu: kamar yadda muka yi magana, an mayar da Pitowa 204. Abin da ya shafi kaya da kuɗi ba a barin sa a baki. Ba don rashin yarda ba, mutum na mantuwa, mutum na canja wurin aiki.

Bappa_Ngaundere:
In ka rubuto mini bayan mun gama magana lafiya, zan ji kamar kana tara takardu a kaina. Wataƙila tsufa ne. Amma da yawa daga cikin sa'o'ina haka za su ji, gara matasa su sani.

Sani_Garwa:
Ga sabon da na tsara, ku duba mini. A Objet, wato layin taken saƙo, na sa: Rahoton taki, lambar Pitowa kafin turawar Juma'a.

"Barka da rana Shef, ina fata taron Marwa na tafiya lafiya. Ina daidaita rasit da jadawali na biyu na rahoton taki, sai na ga a layin Pitowa an sa buhu 240, rasit ɗin kuma ya nuna 204. Na haɗa hotonsa a nan. Bambancin 36 ne, da alama lambobin ne suka juya wajen bugawa. In akwai wani kaya da aka kai wanda rasit ɗinsa bai zo hannuna ba, don Allah ku sanar da ni. In babu, kuma kun amince, sai in gyara layin da jimillar ƙasa in turo muku ku gani kafin Alhamis da dare, tunda Juma'a rahoton zai tafi. Ku yi haƙuri da damun ku, ku gafarce ni in na zaƙe. Na gode. Cikin girmamawa, Sani."

Ummu_Hafsat:
Ka ga yanzu ko ni da ban san aikinku ba na gane abin da ake so in yi. Amma cire "ku gafarce ni in na zaƙe". Ba ka zaƙe ba. Kai ne mai rasit.

Malam_Akanta:
Wannan ya yi. Jimlar da ta fi burge ni ita ce ta "in akwai wani kaya da rasit ɗinsa bai zo hannuna ba". Ka ga bambancinta da "na tabbata ni ne ban gane ba"? Dukansu suna barin ƙofa a buɗe ko kai ne ba ka ga wani abu ba. Amma ta farkon ta faɗi takamaiman abin da zai iya sa shi ne mai gaskiya, kuma abu ne da ke faruwa: mota ta biyu ta kai kaya, direba ya riƙe takarda a aljihu. Zai iya amsa ta da eh ko a'a. Ta biyun kuwa durƙuso ne kawai, ba abin amsawa a cikinta.

Sai "in kun amince sai in gyara". Hukunci ya zauna a hannunsa, wahalar aikin ta dawo kanka. A wurina nan ne girmamawar take, fiye da duk wani kirari. Abu ɗaya zan ƙara: ka duba ko 240 ɗin ta sake fitowa a cikin bayanin rahoton, ba a jadawali kaɗai ba. Sau da yawa ana gyara jadawali a manta da shafin farko. In ta fito, ka ambaci shafin a saƙon nan, kada ka sake aika na biyu.

Neman haƙuri kuma na yarda da Ummu Hafsat, biyu sun yi yawa.

Hajiya_Marwa:
Ɗaya dai a bar shi. "Ku yi haƙuri da damun ku a tsakiyar taro" gaskiya ce, yana taro, kuma an katse shi. Yaro ya aiko mini saƙo ba ko haƙuri ɗaya a ciki ina tsakiyar hidima, zan lura.

Ummu_Hafsat:
Hajiya, shi fa ya ce a bar masa komai ta imel. Wanda ya bi umarni me zai nemi haƙuri a kai? Ni da godiya zan musanya shi: na gode da za ku duba duk da hidimar taro.

Habu_Figil:
Ni har yanzu saƙon ya yi mini sanyi. Babu ko addu'a ɗaya. Ko "Allah ya dawo da ku lafiya" ai a sa.

Bappa_Ngaundere:
Wannan kam Habu ka yi gaskiya, kuma ba ta cikin fadanci, matafiyi ake yi wa ita. In da ni aka aiko wa zan ji daɗinta. Sani, sa ta a ƙarshe kafin godiya, da Hausa ma in kuna yin Hausa da shi.

Zara_Njamena:
Amma Malam Akanta ya ce a rubuta abin da za a iya turawa Yawunde yadda yake. Layin Hausa a cikin saƙon Faransanci, in ya je hannun wanda ba ya ji fa?

Malam_Akanta:
Fatan sauka lafiya ba ya kunyata kowa a kowane harshe, Zara. Abin da na ce a guje wa shi ne "ɗanku mai biyayya". Sani, wani abu kuma: hoton rasit ɗin ka tabbata lambar da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa duk sun fito sarai, kuma ka rage nauyinsa, don a waya zai buɗe. Ka aika da safe kafin su shiga zama, kada ka bari sai dare.

Sani_Garwa:
Na duba, 240 ɗin ta fito a shafi na ɗaya ma, cikin sakin layi na uku. Na ƙara shi. Na cire "in na zaƙe", na sa addu'ar dawowa lafiya. Haƙurin damuwa ne ban yanke ba tukuna, Hajiya ta ce a bari, Ummu Hafsat ta ce a mayar godiya.

DanKusiri:
Kafin ka aika, kira mai sito na Pitowa ka tambaye shi buhu nawa ya sauke a littafinsa. In ya ce 240, saƙon naka gaba ɗaya sai an sake shi, don a lokacin ba lambar Shef ce ke da matsala ba, rasit ɗaya ne ya ɓata.